Ya ba ni lamba kyauta ta fito, yanzu yana neman naira 15,000

Tambaya: "Jama'a, wani ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa shi ma'aikaci ne a kamfanin loto, ya ba ni lamba ɗaya kyauta, kuma wallahi da yamma ta fito cikin biyar ɗin da aka zaro. Yanzu ya ce in tura naira 15,000 kuɗin rajista ya ba ni lambobi biyu tabbatattu na ranar Asabar. In ba ya da hanya a ciki, ta yaya ya san ta farkon?"

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka tura ko sisi. Na yi shekaru ina sana'ar POS a Agege cikin Legas, kusa da rumfar masu buga loto, kuma da hannuna na tura wa irin waɗannan mutane kuɗin jama'a da dama kafin in gane abin da ke gudana, abin da har yau yake damuna. Ita caca kowa ya san hukuncinta a addini, kuma ni ba na ba kowa shawarar ya kusance ta, amma tunda kan lambar da ta fito ka yi tambaya, bari in warware maka ita da lissafi, domin a nan ne tarkon yake.

Wasan da aka fi bugawa a Legas da Ghana shi ne wanda ake zaro lambobi 5 daga cikin 90. Duk lambar da mutum ya ambata, ko da ka ya faɗe ta, tana da damar fitowa sau ɗaya cikin 18, saboda 90 in an raba ta gida 5 ana samun 18. To, ka ɗauka ɗan damfara ya tattara lambobin waya 900 daga zaurukan WhatsApp da Facebook. Sai ya kasa su kashi 90, mutum goma-goma, ya tura wa kashin farko lamba 1, na biyu lamba 2, haka har zuwa 90, kowa a ɓoye, tare da gargaɗin kada ya gaya wa kowa. Ko wace lamba aka zaro da yamma, dole ne kashi biyar su dace, wato mutum 50 za su ga lambarsu ta fito. Sauran 850 ba zai ƙara kula su ba, su ma ba su yi asarar da za ta sa su yi ƙorafi ba. Kai kana cikin hamsin ɗin nan ne, kuma da yake saƙonka kaɗai ka gani, sai ka zaci mutumin yana da hanya a ciki. In mutum 20 kacal daga cikinku suka biya abin da ya nema, ya tashi da naira 300,000 ba tare da ya san komai game da abin da za a zaro ba. Gargaɗin nan na riƙe sirri kuwa amfaninsa ɗaya ne, kada waɗanda aka tura wa saƙon su haɗu su gwada lambobinsu.

Lambobi biyun da ya yi maka alkawari, waɗanda masu wasan ke kira tu-shuwa, sun fi haka nisa ƙwarai. Daga 1 zuwa 90 ana iya haɗa lambobi bibbiyu ta hanya 4,005, alhali biyar ɗin da aka zaro hanya 10 kawai suke bayarwa, saboda haka damar dacewa kusan ɗaya ce cikin 400. Abin da aka saba biya a kansu shi ne ninki 240, wato naira 100 ta kawo naira 24,000. Yanzu ka auna maganarsa da wannan ma'auni. Da ya tabbata da lambobin, naira 10,000 da zai zuba da kansa, ko ta hannun ƙaninsa in yana tsoron a gane shi a wurin aiki, za ta dawo masa da naira miliyan 2 da dubu 400 a dare ɗaya. Sai ya shawo kan mutum 160 irinka kafin ya tara wannan adadi ta hanyar kuɗin rajista. Wanda ke zaune a bakin rijiya ba ya yawon roƙon ruwa gida-gida, kuma duk dalilin tausayi da zai kawo maka, cewa yana son taimakon talaka ne, bai kamata ya wuce wannan lissafi ba.

Akwai wani maƙwabcina mai sayar da albasa da abin ya faru da shi a gabana. Ya fara da naira 5,000 ta rajista, sai aka ce sunansa ya shiga amma dole ya biya naira 12,000 a buɗe masa lambobin, sai kuma aka ce shugaban sashen yana neman kasonsa tun kafin a ci, naira 20,000. Da ya nuna alamar ja da baya, aka turo masa hoton tikitin wani da aka ce ya ci, da muryar wata mata tana kuka tana godiya, aka kuma ce saura minti talatin a rufe wasa. Ya biya, aka ba shi lambobi biyu, ya zuba musu naira 10,000, ko ɗaya ba ta fito ba. Washegari aka ce an canza injin ne a ƙurarren lokaci, amma in ya biya naira 8,000 ta cike takarda za a mayar masa da duk kuɗinsa. A nan na riƙe hannunsa, domin na lura da abin da shi bai duba ba: kuɗin nan uku sun tafi asusu uku mabambanta, kowanne da sunan wani mutum, babu mai sunan kamfani ko ɗaya, kuma babu wanda ya yi daidai da sunan da mai saƙon ya kira kansa da shi. Naira 47,000 ta tafi, kusan duka jarin albasa ne.

Hujjojin da suke nunawa ma kada su ruɗe ka. Hoton tikiti da saƙon shigar kuɗi abu ne da ake gyarawa a waya cikin 'yan mintuna. A Telegram mai tasha yana iya sauya tsohon saƙo bayan an fitar da sakamako, ya zama kamar tun safe ya faɗi lambobin, sai dai kalmar edited takan bayyana a gefen saƙon, ko kuma ya saki hasashe da yawa ya goge waɗanda ba su dace ba. In ya saka ka a zaure, ka duba ko shugabannin zauren kaɗai ke iya rubutu, domin hakan na nufin wanda aka cuta ba shi da bakin magana, masu yabon kuma sau da yawa layukan mutum ɗaya ne.

In kana son ka gamsar da zuciyarka, ka ce masa ya ba ka lambobin Asabar ɗin kyauta, in sun fito ka ba shi rabin abin da aka ci, wanda ya ninka kuɗin rajistarsa sau da yawa. Zai ƙi, ko ya fara fushi da barazanar ba wani gurbinka. Kada ka ba shi BVN ko lambar katinka ko lambar OTP da banki ke turowa, ko da ya ce ta nan za a zuba maka abin da ka ci, saboda karɓar kuɗi ba ya buƙatar komai sai lambar asusu. In kuwa ka riga ka tura wani abu, ka ɗauki hoton hirar da shaidar turawar kafin ya goge, ka je bankinka a ranar ka shigar da ƙorafin damfara a rubuce, tunda irin wannan kuɗi ba ya kwana a asusun da ya shiga, sannan ka kai wa EFCC ko 'yan sanda rahoto da lambar wayar da lambar asusun. Bayan haka ka danna Report da Block a kan lambarsa, kuma duk wanda ya kira ka daga baya ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya wani abu, ka ɗauke shi a matsayin ɗaya daga cikinsu, domin sukan sake bibiyar wanda ya taɓa biya da sabuwar lamba.