Kankare yana ɓantarowa daga dekin, rodi ya fito da tsatsa: filasta zai magance?

Tambaya: Injiniya, shekara tara ke nan da aka zuba dekin gidana. A damunar bana ƙasan dekin da ke ƙarƙashin banɗakin sama ya fara tsagewa a miƙe, da wani jan ruwa yana biyo tsagar, kuma kwanan nan wani ɓangare kamar tafin hannu ya ɓantaro, ga rodi nan a fili ya yi jawur. Magini ya ce in sayo siminti buhu ɗaya ya yi masa filasta mai ƙarfi, magana ta ƙare. Yarana a ɗakin suke kwana. Dekin zai iya ruftowa ne?

Amsa: Malam, ka fitar da yaran daga ɗakin tun yau, ba don ina da tabbacin dekin zai rufto ba, sai don ɓangaren da ya riga ya saki yana iya faɗowa a kan mai barci ko da dekin kansa yana nan daram. Tsagar da ta miƙe ta bi layin rodi, tare da jan ruwa, alamar tsatsa ce, kuma irin wannan lalacewa a hankali take ci, tana ba mutum lokacin gyara. Abin da zai sa a kawo turaku a tokare dekin nan take shi ne idan ka ga tsakiyarsa ya lotsa, ko tsaga mai faɗi ta gitta rodin maimakon ta bi shi, ko kuma ƙofofin da ke ƙarƙashi sun fara cijewa. Ko ka ga waɗannan ko ba ka gani ba, sai injiniyan gini ya zo ya duba da idonsa, domin ba a auna lafiyar dekin daga nesa.

Abin da ke kare rodi a cikin kankare shi ne kaifin siminti, wannan kaifin da ke cin hannun lebura idan ya wuni yana kwaɓa ba safar hannu. A ma'aunin pH, wanda ake auna tsami ko kaifin ruwa da shi, ruwan da ke cikin ƙananan ƙofofin kankare mai lafiya yana kaiwa wajen 12.5 zuwa 13, kuma a wannan yanayi wata siririyar fata takan rufe ƙarfen ta hana shi tsatsa ko da akwai danshi. Amma iskar CO2, wadda muke fitarwa idan muna numfashi, tana shiga daga waje kaɗan kaɗan tana kashe kaifin, har ya sauko ƙasa da 9, kuma ranar da wannan mutuwar ta kai ga rodi, kariyarsa ta ƙare. Gishiri ma, ko daga yashi ko daga ruwan da aka yi kwaɓi da shi, yana fasa fatar ko da kaifin bai mutu ba. Daga nan tsatsa ba ta buƙatar komai sai ruwa da iska. Ita kuwa tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, ninki biyu har zuwa shida, sai ta riƙa tura kankaren da ke kewaye da ita daga ciki. Kankare gwani ne wajen ɗaukar danni, amma ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, don haka sai ya tsage a kan layin rodin, tsagar ta buɗe wa ruwa hanya, tsatsa ta ƙaru, daga baya ɓangaren ya ɓantaro.

Duk maganar ta koma kan kaurin kankaren da ke tsakanin rodi da iska, wato rufin rodi. Shigar CO2 tana raguwa ne yayin da take nisa, ta yadda idan aka ninka kaurin sau biyu, lokacin da za ta ɗauka kafin ta kai ga rodi yakan ninku kusan sau huɗu. Mu ɗauka, don misali kawai, kankaren da iskar ke ratsa milimita 5 nasa a shekarar farko. Idan rufin rodin milimita 25 ne, sai an yi kimanin shekara 25 kafin ta isa. Idan milimita 10 ne, shekara 4 ta wadatar. Idan kuwa an shimfiɗa rodin a kan katako ne kawai, ruwan siminti ya ɗan shafe shi, to tun shekarar farko ba shi da kariya, yana jiran ruwa ne kurum. Wannan ne ya sa a ƙasarmu ta Arewa, inda rani ya fi tsawo, gida zai shekara da yawa lafiya lau a ido, sai ɓarnar ta fara bayyana a ƙarƙashin banɗaki, ko inda tankin ruwa ke zuba, ko gindin fila da ruwan indararo ke duka, ko murfin ramin masai. Ƙa'idojin da injiniyoyinmu suka saba aiki da su, irin su BS 8110 ta Birtaniya, suna neman wajen milimita 20 zuwa 25 a dekin da ke cikin ɗaki busasshe, 35 zuwa 40 a inda ruwa ke taɓawa, aƙalla 40 a fandishan da aka yi wa shimfiɗar kankare a ƙasa, da 75 idan a kan ƙasa tsurarta za a zuba. Ka ɗauki ɓangaren da ya faɗo ka auna kaurinsa da tef daga fuskarsa zuwa gurbin rodin, ban da filastan da ke jiki. Zan yi mamaki idan ya kai milimita 10.

Yanzu ga maganar magininka, wadda ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta a wurin aiki. Ana cire katako a ga rodi yana leƙowa a ƙasan dekin ko a gefen bim, sai a ce ai filasta zai rufe. A ga kankare ya fito da ramuka kamar saƙar zuma saboda ba a girgiza shi ba, sai a ce filasta zai rufe, kuma kafin mai gida ya iso da yamma an riga an shafe wurin. Filasta ba ya cikin lissafin rufin rodi, kuma babu ƙa'idar da na yi aiki da ita da ta yarda a maye gurbin kankare da yaɓen yashi da siminti na gama-gari. Ƙofofinsa sun fi na kankare yawa, iska tana ratsa shi da sauri, yakan ja jiki ya tsattsage idan ya bushe, kuma tsakaninsa da kankaren akwai gaɓa da ruwa ke kwanciya a ciki. Idan aka shafa shi a kan rodin da ya riga ya kama tsatsa, tsatsar da ke bayan rodin, wadda cokalin magini bai taɓa ba, za ta ci gaba da kumbura, kuma bayan damuna ɗaya ko biyu za ta turo sabon filastan tare da ƙarin kankare. Mafi muni shi ne a tsakanin wannan lokaci ka daina ganin abin da ke faruwa. An shafe, an yi fenti, wataƙila ma an ɗora silin a ƙarƙashi, hankalinka ya kwanta, rodi kuwa yana ramewa. Rodi mai milimita 12 da tsatsa ta rage shi zuwa 10, a ido kamar bai rasa komai ba, amma faɗin yankansa ya sauko daga murabba'in milimita 113 zuwa wajen 79, wato kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ya tafi, kuma waɗannan rodin na ƙasa su ne ke riƙe da tsakiyar dekin. Ga kuma riƙon da ke tsakanin rodi da kankare, wanda shi ma tsatsa ke kwancewa. Wasu ma har baƙin mai ko fentin ƙofa suke shafa wa rodin kafin su rufe, wai don hana tsatsa, alhali sun hana siminti kama ƙarfen ne gaba ɗaya. Wanda ya ce maka buhu ɗaya zai gama wannan aiki, ko dai bai san abin da ke cikin dekin ba, ko kuma ya sani amma ya san ba shi zai kwana a ƙarƙashinsa ba.

Gyara na gaskiya daga sama yake farawa. Sai an gano inda ruwan banɗakin ke shiga, ko bututu ne ya fashe, ko bakin magudana, ko tsakanin tayil, a toshe shi, in ba haka ba duk abin da aka yi a ƙasa asarar kuɗi ce. Bayan haka a tokare dekin, a bi ƙasansa da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa: inda ya yi ƙara mai kauri lafiyarsa lau, inda ya yi ƙarar fanko ya riga ya rabu da rodin ko da bai tsage ba, kuma yawanci wurin ya fi abin da ido ya gani faɗi sosai. Injiniya zai iya fesa ruwan gwaji na finolftalin a kan sabuwar karaya, inda kaifin siminti ke da rai ya koma ja mai shuni, inda ya mutu ya tsaya ba launi, sai a san iyakar abin da za a fasa. Ana fasa kankaren har a wuce ƙarshen tsatsa a tsawon rodin, kuma a fasa bayansa da kimanin milimita 20, yadda yatsu za su iya zagaye shi. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa domin yana da wahala, kuma shi ne ke raba gyara da kwalliya. Sai a goge rodin da burushin ƙarfe ta kowane gefe har ƙarfe ya fito, a auna abin da ya rage, injiniya ya yanke ko za a ƙara sabon rodi a gefensa. Idan za a ƙara, sai ya haɗu da lafiyayyen ɓangaren tsohon da tsawon da ya kai ninki 40 zuwa 50 na kaurinsa, wato wajen santimita 50 zuwa 60 a rodi mai milimita 12. Daga nan a cike da kwaɓin gyara na musamman da ake sayarwa don wannan aiki, wanda ba ya jan jiki, a mayar da cikakken kaurin rufin, a riƙa jiƙa shi na kwana bakwai idan umarnin buhun bai ce wani abu dabam ba. Ka riƙa duba gefen gyaran bayan kowace damuna, domin tsatsa takan koma ta ɓullo daidai inda sabon kwaɓi ya haɗu da tsohon kankare.

Idan za ka sake zuba kankare a gaba, ka je wurin ana gobe za a zuba, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin ragar rodin. Ya kamata ka ga biskit, waɗannan ƙananan gutsattsarin siminti masu waya a jiki, an ɗaure su ƙarƙashin rodi a tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ba, da kuma a gefen fila da bim. Fasassun bulo ko guntun katako ba su zama biskit ba, domin suna shan ruwa su kai shi har jikin ƙarfen. Kada ka yarda da masu cewa za su riƙa ɗaga rodin da hannu ana cikin zubawa, domin lebura na gaba da ya zo da kwanon kankare a ka zai taka shi ya mayar da shi kan katako. A sa alluna don masu tafiya da baro, a hana ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin zubawa, a yi amfani da injin girgizawa. A baranda mai fitowa waje kuma, inda rodin da ke ɗaukar nauyi yake a sama, a tabbatar an ɗora shi a kan kujerun ƙarfe masu ƙarfi, domin idan aka taka shi ya nutse ƙasa, barandar ba ta ma jiran tsatsa kafin ta karye.