Wuta ta ƙona kayan shago: wa zai biya?

Tambaya: Malam, an kawo wuta da ƙarfi cikin dare, firiza biyu da injin fotokofi suka ƙone a shagona. Ina da inshorar gobara, amma sun ce ba su biyan irin wannan. Alhali kuma kowane na ɗora shi kan sitabilaiza. Ba cuta ba ce wannan? (Mai shago, Kano)

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma kafin ka kira su macuta, ɗauko takardar nan da ka jefa cikin durowa tun ranar da ka biya kuɗi, ka karanta ta. Inshorar gobara ta yau da kullum tana ɗaukar gobara da faɗuwar tsawa, amma galibi akwai wani sharaɗi a cikinta game da kayan lantarki. Abin da yake cewa shi ne: idan na'ura ta lalace saboda wuta ta yi mata yawa, ko wayoyinta sun haɗu, ko ta yi zafi da kanta, ita wannan na'urar ba za a biya ta ba. Idan kuwa wutar da ta tashi daga cikinta ta kama kantar shago da silin da sauran kaya, waɗannan za a biya. Wato da firizarka ta cinna wa shagon wuta, da ka karɓi kuɗin shago ban da na firizar. Da yake ta mutu salin-alin ba hayaƙi, ba ka da komai a wurinsu.

Abin da ya kamata ka saya shi ne inshorar kayan lantarki, wadda ake lissafa kowace na'ura da sunanta da lambarta, ko kuma ka sa a ƙara maka hauhawar wuta a rubuce cikin wadda kake da ita. A rubuce na ce. "Ai dillalin ya ce min duk an haɗa" ba ya zama hujja ranar biya. Kamfanonin takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, su ma suna da irin wannan tsari, ga wanda ke ƙyamar inshorar gargajiya.

Ko a wannan ma akwai ramuka biyu. Na farko, rage ƙima. A ce kayan shagonka sun kai naira miliyan 4, kai kuma ka rubuta miliyan 2 don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Aka yi ɓarnar naira 600,000. Za su ce rabin kayan ka yi wa inshora, saboda haka rabin ɓarnar za su ɗauka, 300,000 ke nan. Na biyu, akwai kason da ake yarjejeniya kai za ka ɗauka a kowace asara. Idan 50,000 ne, abin da zai shigo asusunka 250,000 ne. Da yadda farashi ke tashi, wanda ya rubuta ƙimar kayansa shekara uku da suka wuce bai sake dubawa ba, ya faɗa ramin farko bai sani ba.

Yanzu sitabilaiza, wadda ita ce ke ba ni haushi. Mutanenmu sun mayar da ita laya. Aikinta ɗaya ne: wutar da ta dace ta zo a bolt 230, idan ta yi ƙasa ta ɗaga ta, idan ta ɗan haura ta sauke ta, kuma tana da iyaka, yawancinsu ba su wuce bolt 260 ko kusa da haka. Abin da ka kwatanta ya fi kama da tsinkewar wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, a fal ko a tiransifoma. Idan haka ta faru, wutar da ke shiga wasu gidaje tana iya hawa ta doshi bolt 400, ta kuma zauna a haka har sai an gyara. Alamarta a fili take: ƙwan fitila a wani gida ya yi haske kamar zai fashe, a gidan maƙwabci kuma ya dushe, fanka ta riƙa gudu tana kuka. Sitabilaiza mai arha a irin wannan dare ita ce ke fara wari.

Abin da ke tsare ka daga wannan shi ne na'urar da ke yanke wuta gaba ɗaya idan ta haura ko ta faɗi fiye da kima, sannan ta jira 'yan mintuna kafin ta sake. Akwai ƙarama ta soket da ake kira firij gad, akwai babba da mai gyaran wuta zai ɗaura kusa da mita ta tsare shagon duka. Ni babbar nake so, domin yaron shago ba zai cire ta ya sa cajar waya ba. Jiran nan na minti uku zuwa biyar shi ke hana kwamfuresar firiza tashi da nauyi idan aka ɗauke wuta aka mayar nan take.

Game da asarar da ta riga ta faru, kada ka yar da komai, kada kuma ka bari mai gyara ya farke su kafin a ɗauki hoto. Nemo rasit, ka sa ƙwararren mai gyara ya rubuta abin da ya ƙone da dalili, ka tattara sunayen maƙwabtan da abin ya shafa a daren. Ku rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin wutarku, ku riƙe kwafi. In ba su saurare ku ba, akwai ofishin sauraron ƙorafi na NERC, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wutar lantarki. Idan kuma ka karanta takardar inshorarka ka ga babu wancan sharaɗin, hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ce ke karɓar ƙara a kan kamfanonin inshora.

Tambaya: Talabijin ɗina wata huɗu da saye, wuta ta ƙona shi. Garantin shekara guda zai yi aiki? (Wata uwargida, Zariya)

Amsa: Hajiya, da wuya. Garanti na kuskuren masana'anta ne, kuma kusan kowanne ya cire hauhawar wuta da tsawa. Da sun buɗe bayansa suka ga baƙin tabo a allon wuta, magana ta ƙare. Sai dai sau da yawa wannan allon kaɗai ke mutuwa, canza shi kuma bai kai kuɗin sabon talabijin ba. Kai shi wurin mai gyara kafin ki fara cigiyar sabo.

Tambaya: Na kashe soket lokacin hadari, duk da haka tsawa ta kashe min dikoda da talabijin. Ta ina ta shiga? (Ɗalibi, Maraɗi)

Amsa: Ta wayar dish ɗinka, ɗan'uwa. Ka kulle ƙofa ka bar taga a buɗe. Ba sai tsawa ta faɗo kan rufinka ba. Ko kusa ta sauka, kowace doguwar waya da ta fito daga waje tana ɗaukar ƙarfin, ta kai dikoda, daga nan ya bi wayar HDMI zuwa talabijin. Shi ya sa za ka ga wani lokaci talabijin yana kunnuwa amma ramin HDMI ya mutu. Kashe makunni ma bai isa ba, domin tazarar da ke cikinsa ƙarama ce ƙwarai. Da ka ga hadari ya haɗo, zare filogi daga bango, ka kwance wayar dish.

Tambaya: Na sayi dogon soket mai kariya daga hauhawar wuta. Shi ke nan na huta? (Mai shagon caji, Gombe)

Amsa: In gidan ba shi da wayar at da aka binne ƙarfenta a ƙasa, rabin aikinsa kawai yake yi. Kuma abin da ke tare wutar a cikinsa yana gajiya da kowane duka. Ranar da ƙaramar fitilar kariyarsa ta mutu, ya koma soket kamar kowane, sai ka canza shi.