Rubutu da lacca a aiki ɗaya: a ina maki yake?

"'Yan'uwa, a atisayen da ake karanta rubutu, a saurari lacca, sannan a taƙaita duka biyun, makina ba ya wuce 3 cikin 5. Ina matsalar take?"

Ɗan'uwa, ban ga takardarka ba, amma a yawancin irinta da na duba wa ɗalibai, cutar ɗaya ce: rubutun ya cinye amsar, an bar laccar da layi biyu. Alhali makin a laccar yake.

Duba tsarin da TOEFL, jarrabawar gwada iya Turanci, ta daɗe tana bi kafin sauyin 2026. Minti 3 na karatu, lacca ta kusan minti 2, sai minti 20 na rubuta kalmomi 150 zuwa 225. Rubutun zai dawo kan allo lokacin da kake amsawa, lacca kuwa sau ɗaya za ka ji ta. Don haka kada ka ɓata minti ukun nan wajen kwafe jimloli. Raba takardarka gida biyu. A hagu ka sa hujjoji ukun marubucin, kowace da kalma biyu ko uku, ka bar fili a dama daidai kowace hujja, domin malamin da ke ba da laccar yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana rusawa.

A ce rubutun ya ce makarantu su bar littafin takarda su koma na'ura, hujjar farko ita ce sauƙin kuɗi. A hagu ka rubuta "araha". Malamin ya ce na'urar kan lalace cikin 'yan shekaru, kuma lasisin littafin da ke cikinta duk shekara ake sabunta shi. A dama ka sa "lalacewa" da "lasisi duk shekara". Idan amsarka ta tsaya a kan cewa malamin bai yarda akwai araha ba, ka faɗi matsayinsa ne kawai, ba ka kawo dalilinsa ba, nan ne 3 ɗin take fitowa. Sakin layin da ya cika zai buɗe da abin da malamin ya ce, ya kawo dalilan nan biyu, sannan ya nuna a jimla ɗaya da wace hujjar marubucin suka ci karo. Ra'ayinka kuwa ka ajiye shi, ba wanda ya tambaya.

Ɓangaren magana na jarrabawar, a wancan tsarin, ya ɗan bambanta: rubutun ba ya dawowa, daƙiƙa 30 ce ta shiri, 60 ta magana, kuma a nan malamin misali yake bayarwa don fayyace abin da ka karanta. Faɗi ma'anar a daƙiƙa goma, sauran ka ba misalin.

Ɗauko tsohuwar amsarka ka ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta fito daga lacca. Idan ba su haura rabi ba, sake sauraron laccar da takarda mai gida biyu, ka sake rubutawa.