Kuɗin maganin kuka, da kashin da ya kamata a duba

*Jaririnmu yana da sati biyar. Daga la'asar sakaliya yake fara kuka yana ɗaga ƙafafu har bayan isha'i. Mun sayi ruwan giraif kala biyu a kemis, bai daina ba. Wanne ne mai kyau, ko na waje zan nema a Idumota? — Wani magidanci, Agege*

Malam, mayar da kuɗinka aljihu. Wannan kukan yamma sananne ne: yakan fara wajen sati biyu zuwa uku da haihuwa, ya yi tsanani a sati na shida, ya lafa da kansa tsakanin wata uku zuwa huɗu. Idan yaro yana shan nono sosai, nauyinsa na ƙaruwa a awo, yana jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a yini, babu zazzaɓi, to lafiyarsa ƙalau, ku ne dai kuke shan wahala. Ruwan giraif, na gida ko na waje, ba a tabbatar yana magance wannan kukan ba. Abin da ke faruwa shi ne a sayi kwalba ta uku daidai lokacin da kukan zai wuce da kansa, sai a ce ita ce ta yi aiki, a ba maƙwabciya suna, ita ma ta saya.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Mutum zai yi ciniki har da rantsuwa a kan kwandon tumatir a Mile 12, amma idan yaron kemis ya miƙo kwalba ya ce "wannan na ciwon ciki ne", ko kwanan watan lalacewarsa ba ya dubawa. A shiga ɗakin mai jego a leƙa kan tebur: ruwan giraif, maganin iska, maganin haƙori ga yaron da ko dasashinsa bai fara ƙaiƙayi ba, ga jiƙon da inna ta aiko daga gida, ga agbo da maƙwabciya Bayarabiya ta kawo don kara. Duk cikin yaro ɗan sati biyar za su. Waɗanda suka daɗe a Legas ba su manta da My Pikin ba, maganin haƙorin nan da aka haɗa a garin nan da gurɓataccen sinadari, ya lalata ƙodar yara, aka rasa aƙalla 84 tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Iyayen nan saye suka yi don 'ya'yansu su samu sauƙi. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ita ce mafi ƙarancin abin dubawa, kuma ba ta nufin yaronka yana bukatar abin da ke ciki. Zuma ma a bar ta sai ya cika shekara, ruwa kuwa sai wata shida.

Abin da ke taimakawa ba ya cin ko kwabo. A sa shi ya yi gyatsa bayan shan nono, a goya shi ko a rungume shi a zaga tsakar gida, a rage hayaniya da haske. Kai ma ka karɓe shi, maiɗakinka ta runtsa. Idan haƙuri ya ƙare, a kwantar da shi a rigingine a wuri mai aminci, a fita a sha iska na ɗan lokaci. Kada a taɓa jijjiga shi da ƙarfi, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin da ya kai 38 ga yaron da bai cika wata uku ba, ko ƙin shan nono, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, wannan na asibiti ne a daren.

*'Yata tana tumbuɗi bayan kowane shan nono. Ko in koma madarar gwangwani? — Mai jego, Obalende*

A'a, ƙanwata. Murfin bakin tumbinta ne bai yi ƙwari ba tukuna, kuma madarar gwangwani ma haka za ta dawo, ga tsada. Ki riƙe ta a miƙe na minti ashirin zuwa talatin bayan ta sha. Yawanci yana raguwa idan ta fara zama, ya tafi wajen shekara ɗaya. Abin da ba tumbuɗi ba shi ne amai kore shar, ko mai jini, ko wanda ke feshi da ƙarfi kowane lokaci yaro yana ramewa. Kore musamman, kada a jira gari ya waye.

*Kwana huɗu ɗana bai yi kashi ba, watansa biyu, nono kaɗai yake sha. An ce in sa masa ɗan sabulu a dubura. Wane sabulu ya fi? — Uwargida, Ijora*

Babu wanda ya fi, sabulu na wanka ne. Yana ƙona fatar wurin. Yaron da ke kan nono zalla, bayan ya wuce sati shida, yana iya yin kwanaki har sati guda bai yi kashi ba, domin jikinsa na amfani da kusan duk abin da ya sha. Ki duba yadda kashin yake idan ya fito: in mai laushi ne, babu matsala, ko da ya yi ta nishi fuska ta yi ja kafin ya fito. Ƙullewar ciki ita ce kashi mai tauri, guntu-guntu, busasshe. An fi ganinta ga masu shan madarar gwangwani, sau da yawa saboda an cika cokalin awo ya yi tozo don yaro ya yi ƙiba. A fara zuba ruwa, sannan gari, cokali a shafe, daidai yadda aka rubuta a gwangwanin.

*Yarinyata sati huɗu. Idonta bai washe daga shawara ba, kashinta ya koma fari-fari, fitsarinta yana rina kunzugu. Surukata ta ce nono ne, in saya mata gulukos. Hankalina bai kwanta ba. — Mai jego, Idi-Araba*

'Yar'uwa, kin kyauta da kika rubuto, kuma gaskiyarki ce da hankalinki bai kwanta ba. Ki kai ta asibiti gobe da safe, kada ki jira ranar rigakafi.

Bari in yi miki bayani. Kashin farko baƙi ne mai danƙo, a kwana biyu zuwa uku na farko. Daga nan ya koma rawaya mai ɗan gudaji ga mai shan nono, ko ruwan ƙasa ga mai shan madara. Kore ma ba abin tsoro ba ne, duk da shi ne iyaye mata suka fi kawo ƙara a kansa. Launuka uku ne na damuwa: ja, wato jini; baƙi bayan kwanakin farko, sai dai in ana ba yaro maganin ƙarin jini; da fari ko launin toka.

Ruwan matsarmama da hanta ke zubowa cikin hanji shi ke rina kashi. Idan kashi ya koɗe, alama ce ruwan ba ya isa hanji, sai ya koma cikin jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, alhali fitsarin jariri kusan kamar ruwa ya kamata ya zama. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne toshewar hanyar matsarmama tun daga haihuwa. Ana yi wa wannan toshewar tiyata, kuma an fi samun nasara idan an yi kafin yaro ya cika kamar kwana 60. 'Yarki tana da sati huɗu, kin ga akwai lokaci, amma ba na jinkiri ba. Ban ce lallai shi ne ba, gwajin jini da hoton ciki ne za su nuna. Abin da ke yaudarar mutane shi ne irin waɗannan yaran sukan sha nono lafiya, ba sa yawan kuka, sai a ce ai ba ta da komai.

Gulukos ba ya wanke shawara, shanya yaro a hantsi ma ba zai buɗe hanyar da ta toshe ba. Ga LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, nan kusa da ke a Idi-Araba. Ki duba kashin da hasken rana, ba da fitilar caji ba, ki ɗauki hotonsa a waya, ki ƙulle kunzugu ɗaya a leda ki tafi da shi. Ki faɗa wa likita abu uku a jere: sati huɗu, shawara ba ta tafi ba, kashi ya yi fari. Ki ci gaba da ba ta nono. Surukarki kuma ki lallaɓa ta ta raka ki, ta ji daga bakin likita da kunnenta.