Robar yogot nawa za ka sayar kafin ka fara cin riba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon tireda a Mabera, nan cikin garin Sakkwato. Taubashina da ke rarraba yogot ya ce in sayi firiza in fara ajiyewa, zai riƙa ba ni roba ₦400 in sayar ₦500. Ya ce da zafin garin nan 50 a rana ba abin wuya ba ne, wato ribar ₦150,000 a wata. Firizar ₦360,000 ce, kuɗin da na tara ke nan. Ni dai na ga cikin wata uku na mayar da kuɗina. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye alƙalamin nan tukuna. Naira ɗarin da ke tsakanin sari da sayarwa ba ribarka ba ce, kuma duk ginin da ka yi a kanta ka ɗora shi. Matsalarka ke nan guda ɗaya, amma ta isa ta cinye abin da ka daɗe kana tarawa.

Ranar da ka shigo da firiza shago ka haƙa wa kanka rami, kuma kowane wata sai ya sake buɗewa. Kowace roba da ka sayar, ƴar ƙasa ce ka watsa a ciki. Sai ramin ya cika ya yi daidai da ƙasa sannan abin da ya hau sama ya zama naka. Wurin da ya cika ɗin nan, inda ba ka ci ba kuma ba a ci ka ba, shi ya kamata ka fara nema kafin ka taɓa ko sisi. Abu biyu ake buƙata: zurfin ramin, da ainihin abin da kowace roba ke bari a hannunka.

Mu fara da robar. Kaya ba sa tashi da kansu su zo Mabera, akwai kuɗin mai keke ko ɗan kabu-kabu, ga leda. Ka ce ₦10 a kan kowace roba. Sannan yogot ba sabulu ba ne da zai shekara a kan kanta yana jiranka. Yana da kwanan wata, kuma in wuta ta ɗauke tun azahar ba ta dawo ba sai bayan isha'i, da safe za ka tarar da wasu robobin sun kumbura, murfin ya yi tsini, ka buɗe ka ji tsami ya bugi hancinka. In a cikin kowace 20 guda ɗaya ta lalace, ka yi asarar ₦400, wato kusan ₦20 a kan kowace roba da ka sayar. To ka ga ɗarin nan ta koma ₦70. Ban ma sa wadda yaron shago zai kurɓa ba, da wadda maƙwabci zai ɗauka ya ce a rubuta.

Yanzu ramin. Waɗannan kuɗaɗe ne da ba ruwansu da ciniki, ko roba ɗaya ka sayar ko dubu sai ka biya. Zan sa alƙaluma na ƙiyasi, kai ka musanya su da naka na gaskiya. Firiza tsufa take yi. In ka ba ta shekara uku a irin wutarmu mai zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, ₦10,000 take ci kowane wata, ko da ba ka ga kuɗin suna fita daga aljihu ba. Ƙarin kuɗin wuta, a ce ₦8,000. Man janareta shi ne babban baƙo: lita ɗaya da rabi a rana, in lita tana wajen ₦900, ka doshi ₦40,000 a wata. Gyara da ɗurin gas, ware ₦4,000.

Akwai kuma wanda kusan kowa ke mantawa. Shagonka ba fili ba ne, firizar nan sai ta ture wani abu kafin ta zauna. In katan-katan na omo da taliya da ke wannan kusurwar suna kawo maka ₦8,000 a wata, kuma dole ka rage su, to yogot ne zai biya wannan ma. Jimla ₦70,000.

Raba ₦70,000 da ₦70, ka sami roba 1,000 a wata. Kusan 34 ke nan a kowace rana, har da Juma'a, har da ranar da ka rufe shago ka tafi ta'aziyya Wamakko. Roba 33 na farko da ka sayar yau, wa gidan mai da mai gyara ka yi wa aiki. Ko da maganar taubashinka ta tabbata ka sayar da 50 kullum, roba 500 ne kawai suka haura a wata, ribarka ₦35,000. Kwatanta da abin da ka rubuto mini.

Kuma wa ya ce 50? Wanda zai sayar maka da kayan. Ban ce maƙaryaci ne ba, taubashi ne, sai dai ku yi ta tsokanar juna. Amma shi ribarsa tana kammala ne da zarar ya sauke kaya a ƙofar shagonka ya karɓi kuɗinsa. Ko ka sayar ko ka zubar a kwata, nasa ya shiga. Ba shi zai sayi mai ba. Lambar da rayuwar jarinka ta rataya a kanta, ka karɓe ta daga bakin mutumin da ba abin da zai rasa in ta zama ƙarya. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma abin ya fi muni da yake ɗan'uwa ne, don gobe ba za ka iya cin kwalarsa ba, sai dai manya su ce a yi haƙuri.

Zafin da yake kafa hujja da shi gaskiya ne, a Afrilu garin nan yakan wuce digiri 40, ko dutse ka sanyaya za a saya. Sai dai shekara wata goma sha biyu ce. A Disamba da Janairu, sa'ad da mutane ke dunƙule cikin rigunan sanyi sun kewaye mai shayi, wa zai zo neman abu mai ƙanƙara? In ciniki ya sauka zuwa 20 a rana, abin da robobin za su bar maka ₦42,000 ne, ramin kuwa yana nan, ko da man ya ɗan ragu. Giɓin wajen ₦28,000 daga cinikin shinkafa da sukari za ka ciro shi, kuma ba za ka ma lura ba in duk kuɗin a aljihun tebur ɗaya kake zubawa. Gwada shekara guda: wata huɗu na zafi a kan 50, wata uku na hunturu a kan 20, sauran biyar a kan 30. Abin da zai rage maka bai fi ₦21,000 ba, a shekara fa, ba a wata ba. Ga wani sharrin kuma: in ciniki ya yi sanyi kaya sun fi daɗewa, lalacewa ta ƙaru, sai ₦70 ɗin ma ta ƙara tsukewa daidai lokacin da ka fi buƙatarta.

Na san wani mai shago a wajen Gawon Nama da ya sayi firiza biyu gab da azumin 2023, wanda ya faɗo a tsakiyar zafi. Kafin shan ruwa layi ake yi a ƙofarsa, yara da kwanoni, magidanta a kan babura, har yana korar mutane don kaya sun ƙare. Da cinikin watan nan ya auna shekara gaba ɗaya. Salla ta wuce ciniki ya koma yadda yake. A ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, farashin gwamnati ya tashi daga ƙasa da ₦200 zuwa sama da ₦500. Sari bai canja ba, kuɗin sayarwa bai canja ba, shi yana nan yana cewa ribarsa a kowace roba tana nan, alhali ramin ya ninka zurfi a ƙarƙashinsa. Bai taɓa zama ya raba wannan da wancan ba. Da na leƙa shagon daga baya, ɗaya firizar a kashe take, an tokare murfinta da sanda, an jera ledojin makaroni a ciki don kada ɓera ya taɓa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a naka lissafin shi ne ƙanƙantar ₦70 ɗin. Taubashinka ba kai kaɗai yake ba kaya ba, sana'arsa ke nan. Ranar da shagon da ke kallonka ya ajiye irin yogot ɗin ya sa ₦450, ko ka bi shi ko ka zauna kana kallon kayanka. In ka bi shi, ₦20 ce ta rage a kowace roba, kuma ₦70,000 a raba da ₦20 roba 3,500 ne a wata, fiye da 115 a rana. Ragin hamsin kacal ya ninka maka aiki sau uku da rabi. Haka ma in kamfani ya ƙara sari unguwa kuma ta ƙi karɓar ƙarin. Kayan da ke barin kaɗan kuma suke jawo kashe kuɗi mai nauyi kowane wata, iska kaɗan ke kayar da su.

Saboda haka ni ban yarda ka sayi firizar nan yanzu ba. Ka ari kula babba, ka sayi ƙanƙara, ka ɗauki dozin biyu a rana na tsawon mako biyu. Kada ka yi gwajin cikin azumi, ko makon salla, ko ranakun da albashi ya shigo. Ka samo littafi daban, kullum ka rubuta nawa ka ɗauko, nawa suka fita da kuɗi hannu, nawa bashi, nawa suka lalace. Ka lura kuma ko mai sayen yogot ɗin sabon mutum ne, ko wanda ya saba sayen madarar gari a wurinka ne ya sauya, domin in haka ne daga aljihun dama ka mayar hagu. In dozin biyu ba sa ƙarewa kafin magariba, ka sami amsarka da kuɗin ƙanƙara kawai, ₦360,000 ɗinka na nan ba abin da ya taɓa su.

In kuwa suna ƙarewa tun la'asar, to sai mu yi magana ta biyu, wato yadda za a rage zurfin ramin ko a samo masu taya cika shi. Firiza ba yogot kaɗai take ɗauka ba. Fiya wata, lemo, zoɓo da kunun aya na matan unguwa, kowanne ka fitar da abin da yake bari bayan an cire nasa ɗawainiyar, ka haɗa. In waɗannan suka ɗauke maka ₦35,000 a wata, yogot 17 a rana ya ishe ka, kuma wannan lamba ce da shagon unguwa zai iya kaiwa ko da hunturu. Amma su ma a kular za ka gwada su, ba a baki ba.

Shi kuma taubashin naka, ka je masa da buƙata biyu. Ya yarda zai karɓi duk robar da kwananta ya ƙare ya musanya maka, kuma ya kawo kaya ka sayar sannan ka biya, ko da na watan farko ne. In ya yarda da ta farko kaɗai, abin da roba ke bari ya tashi daga ₦70 zuwa kusan ₦90, adadin da kake nema ya sauko daga 34 zuwa 26 a rana. In ya fara sosa ƙeya yana cewa ai kamfani ba ya karɓar kaya, ka tambaye shi a gaban mutane shago nawa ne cikin waɗanda yake kai wa suke sayar da 50 a watan Janairu, ya faɗi sunan ɗaya, ka je ka zauna a bencin ƙofar shagon ka ƙirga da idonka.