Shekara a sama, kwatoci a ƙasa: yadda ake ɗaura kan tebur

"Maigida, barka da aiki. Mai sayar da takin nan na Sabon Gari ya kawo lissafin cinikinsa na 2022, 2023 da rabin 2024. A Excel na haɗe gidajen sama da Merge & Center, kowace shekara a kan kwatocinta na wata uku-uku. Da ya ce in ƙara jimla sai 2023 ta goce daga kan nata, kuma Sort ya ƙi yi. Ina matsalar take?"

Barka kadai. Jawo kujera ka zauna, wannan aikin zai riƙa zuwa maka kusan kullum, musamman idan ɗaliban ABU suka fara kawo babi na huɗu daga Samaru da Kongo.

Ka fara ne daga sama, shi kuwa irin wannan tebur daga ƙasa ake tayar da shi. Ba a ɗora jinka sai bango ya tsaya. Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki biro da takarda ka ƙirga ƙananan layukan tsaye, waɗanda lambobi za su zauna a ƙarƙashinsu, kuma ka tambayi mai aikin tun a lokacin ko yana son jimla. A aikin mai takin nan, layin A na sunan kaya ne. Shekarar 2022 tana da kwata huɗu da jimla, biyar ke nan, daga B zuwa F. Ita ma 2023 biyar, daga G zuwa K. Amma 2024 kwata biyu kawai gare ta da jimla, uku ke nan, daga L zuwa N. Ɗaya da biyar da biyar da uku, 14. Wannan lambar ce za ta gaya maka takardar A4 a kwance za ta tafi. Faɗinta santimita 29.7, ka cire biyu-biyu a gefe ya rage 25.7. Ba wa sunan kaya 3.6, sauran layuka 13 kowanne 1.7, ka ga ya cika daidai.

Sai ka rubuta Q1, Q2, Q3, Q4, Jimla a layin kwance na biyu, ka zuba lambobi daga na uku zuwa ƙasa. Layin farko, na shekaru, shi ne aikin ƙarshe. Gocewar da ka gani, yawanci daga nan take zuwa: mutum ya zaɓi gidajen ƙasa kaɗai ya turo su dama don ya samu wurin jimla, layin shekaru ya tsaya inda yake. Sai ka ga 2023 tana zaune a kan jimlar 2022 da kwata uku nata, kwata na huɗu ya shige ƙarƙashin 2024. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne teburin ba ya nuna alamar ciwo, yana nan da kyansa, amma ƙarya yake faɗa wa mai karatu. Idan za ka ƙara layin tsaye, danna harafinsa can sama ka saka shi gaba ɗaya, sannan ka koma ka duba kan.

Shi kuwa Merge & Center, ni a Excel ba na son sa. Yana narkar da gida biyar su zama ɗaya, ya riƙe abin da ke gidan farko na hagu ya zubar da sauran. Shi ya sa da ka nemi Sort, zaɓinka ya haɗo da waɗannan manyan gidaje, ya ce maka sai duk gidajen sun zama girma ɗaya. Akwai hanyar da ido ba zai bambance ta da waccan ba. Rubuta 2022 a B1, bar C1 zuwa F1 babu komai, zaɓi B1 zuwa F1, danna Ctrl+1, shiga Alignment, a ƙarƙashin Horizontal ka zaɓi Center Across Selection. Shekarar za ta zauna a tsakiya, kowane gida yana nan da kansa. Haka za ka yi wa G1 zuwa K1, da L1 zuwa N1. Iyakarta ɗaya: a kwance kawai take aiki, ba ta haɗa sama da ƙasa. Don haka kalmar "Kaya" ka rubuta ta a A2, ka bar A1 fayau. Na san hannunka zai so haɗe A1 da A2 don kyau, to da ka yi haka, duk lokacin da ka zaɓi layi na biyu sai ya jawo na farko ya biyo shi. In ka tashi Sort, zaɓa da hannunka daga A2 zuwa gidan N na kayan ƙarshe, ban da layin jimlar ƙasa, ka tabbata an yi alama a My data has headers.

Akwai wani rami da ko wanda ya daɗe a sana'ar yake faɗawa. Idonka yana ganin 2023 ta rufe gida biyar, amma a wurin kwamfuta tana cikin G1 ne kaɗai, ko da wace hanya ka bi cikin biyun nan. Ɗauki yuriya a layi na uku, a ce buhu 120, 340, 410 da 90 aka sayar a kwatocin 2023. Wani zai ce bari ya yi dabara, ya rubuta:

```
=SUMIF(B1:N1,2023,B3:N3)
```

Zai samu 120, domin G3 kaɗai ke ƙarƙashin gidan da ke riƙe da shekarar. Babu wani kashedi da zai fito. Abin da za ka sa a K3 shi ne:

```
=SUM(G3:J3)
```

Amsa 960. In ka ga jimlar shekara ta yi daidai da kwata na farko, to wannan ramin ne.

Yanzu 2024. Kada ka rubuta shekarar tsurarta. A ce an sayar da buhu 150 da 380, jimla 530. Mai karatu zai ga 960 a gefe da 530 a gefe, ya ce kasuwa ta faɗi, alhali wata shidan farko na 2023 buhu 460 ne, wato ƙaruwa ma aka samu. Rubuta "2024, Janairu zuwa Yuni" a kan. In ya yi tsawo, rage girman rubutun, amma kada ka yanke watannin. Mutumin nan wataƙila banki zai kai takardar.

Sannan zane. A ƙarƙashin kowace shekara ja siririn layi wanda ya fara daga kwatanta na farko ya ƙare a jimlarta, kuma ka sa layin tsaye a gefen hagu na B, G da L don a ga inda shekara ta ƙare wata ta fara. Wannan ya isa. Yara suna son zagaye kowane gida da baƙin layi mai kauri, sai rukunin ya ɓace a cikin raga.

Kafin ka buga, shiga Page Layout, danna Print Titles, a Rows to repeat at top ka rubuta $1:$2. Layi biyun ne kan teburin. In na biyu kaɗai ya maimaitu, shafi na biyu zai fito da Q1 har sau uku, babu mai sanin na wace shekara ne. Idan a Word ne, kamar teburan ɗalibai, can dole ka yi Merge Cells, amma sai ka gama komai, kana ka zaɓi layukan sama biyu tare ka danna Repeat Header Rows.

Koma ka warware haɗin da Unmerge Cells, ka mayar da shekarun B1, G1 da L1. In ka buga shafin gwaji, ɗora rula a tsaye a gefen hagu na kowane Q1 ka bi ta sama, ka ga ko nan ne layin shekararsa ya fara. Ka kawo mini in gani kafin mai takin ya dawo bayan la'asar.