Gwangwani Nawa Zan Auna?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, shinkafa nawa ake auna wa mutum ɗaya? Mu shida ne: ni da maigida da ƙaninsa da yara uku, 'yan shekara takwas da biyar da biyu. Wata rana ta kasa, wata rana ta kwana ta lalace."

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kin taɓo min inda yake min ciwo har yau.

Ni a wani ƙauye aka kai ni a ƙasar Kura, babban gida, mu goma sha uku tukunya ɗaya: manya bakwai, yara shida. Ranar da na fara karɓar girki lokacin kaka ne, maza suna gona suna yankan shinkafa. Na je na durƙusa na tambayi faccalata, matar yayan maigida, na ce Yaya nawa zan auna? Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Mudu ɗaya ya isa, amarya, gidan nan ba ma ɓarna." Shekararta tara a gidan, ta san sarai mudu da rabi take dafawa, ranar aikin gona ma har biyu. Na rege shinkafata tas, na ɗora. Da ta fara tsotsewa na buɗe murfi na ga ko rabin tukunya ba ta kai ba, gabana ya faɗi. Sai na ƙara ruwa wai don ta yi yawa, na sake ƙarawa, ta caɓe, ita ba tuwo ba ita ba shinkafa ba. Na zuba na gona, na zuba na Baba, da na zo kan yara sai ƙanzo nake kankara. Ƙaramin ɗanta ya riƙe kwano yana kuka, ita kuwa tana zaune a kan tabarma tana tsifar kai, ta ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga ɗaki ta ce, "To, yau yara sai haƙuri, an kawo mana 'yar gata." Ban ci komai ba ranar, kuka na sha a bayan rumbu. Abin da ya fi ƙona min rai, kwanon gona ya dawo da saƙo wai a tambayi amarya ko azumi aka ɗora musu. Mun shirya da ita tuntuni, amma ban manta ba.

Inna ce, Allah Ya jiƙanta, ta kira ni washegari ta miƙo min wani tsohon gwangwanin madara, ƙaramin nan na madarar ruwa, ta ce, "'Yar nan, daina auna gida da mudu, ki riƙa ƙirga baki." Da shi nake awo har yau. Mudu ba shi da tabbas, na wannan kasuwa daban da na waccan, wani a cika shi da tozo, wani a shafe. Namu yana cin gwangwani tara. Ki gwada naki sau ɗaya ki san abin da yake ci.

Babban mutum gwangwani ɗaya a shafe, idan shinkafa da miya ce ko da mai da yaji, ba wani abu a gefe. Kada ki raina shi a ɗanye, idan ta dahu tana komawa kusan ninki uku, faranti ne sosai. Saurayi mai tashe ko wanda ya wuni da fartanya, ɗaya da rabi. Tsoho ko tsohuwa ba kasafai suke cinye ɗaya ba. Yaro daga shekara bakwai zuwa goma, rabi.

To mu ƙirga gidanki. Maigida ɗaya, ke ɗaya, kada ki rage naki, mu mata mun saba cutar kanmu, balle in kina shayarwa. Ƙanin maigida in saurayi ne ɗaya da rabi. Ɗan shekara takwas rabi, ƙananan biyu su haɗu a rabi. Huɗu da rabi ke nan. Ki ƙara rabi na almajiri ko baƙon da zai yi sallama a zaure, ya zama biyar, wato rabin mudu da ɗan ɗori. Ni wannan rabin ba na fasa shi ko shinkafa ta yi tsada, don ranar da ban sa ba ranar ake sallama.

Ina zargin abin da yake rikita ki shi ne auki. Ba kowace shinkafa ce take tashi daidai ba. Sabuwa, wadda aka yanke aka turara aka kai inji kwanan nan, ba ta shan ruwa sosai, ba ta auki, ga saurin caɓewa. Irinta aka ba ni ranar nan, kuma Yaya ta san da haka. Wadda ta yi watanni a buhu ta bushe sosai tana shan ruwa ta cika tukunya. Don haka in sabuwa ce, a kan biyar ɗin nan ki ƙara rabi ko ɗaya. Duk sanda aka sayo sabon awo daga kasuwa, girkin farko gwaji ne: ki duba inda ta tsaya a jikin tukunya, ki riƙe wannan wurin a ranki. Sannan shinkafar gida akwai tsakuwa da ƙaiƙayi, ki tsince kafin ki auna.

Don Allah kada ki yi irin tawa, ruwa ba ya ƙara yawan shinkafa. Gwangwani biyar ki fara da ruwa gwangwani tara zuwa goma, ki janye itace idan ta tafaso, in ta nemi ƙari ki yayyafa mai zafi kaɗan. Wuta mai yawa ma tana cinye miki rabon mutum guda a ƙanzo. In kin buɗe kin ga ba za ta kai ba, ki ɗora wata 'yar tukunya a gefe, ko taliya, ya fi miki rufin asiri.

In garau-garau za ki yi, lissafi ya canja, wake yana riƙe ciki. Shinkafa uku da wake ɗaya da rabi sun ishe ku, ga sauƙin kuɗi. Dafa-duka kuwa ni ƙarawa nake yi, ban taɓa ganin an rage ta a gidana ba.

Maganar wadda take kwana: da zafin nan na bazara shinkafa ba ta da haƙuri kamar tuwo. Kada ki bar ta a rufe a tukunya da gumi. In kin ji ta fara yauƙi ko wari, ki zubar, kada yara su ci, ɗumame ba ya gyara ta. Na taɓa jin tsoron faɗa na ɗumama irinta, 'yata ta kwana tana amai da gudawa.

Ki yi kwana uku kina auna biyar ɗin nan da gwangwani ɗaya, kina duba kwanukan da suke dawowa. Wanda ya dawo a suɗe ki ƙara masa, wanda ya dawo da saura ki rage. Kuma ki tambayi maigida tun da safe ko akwai masu aiki a gona, don su maza ba sa faɗa sai tukunya ta sauka. Ki dawo ki gaya mana yadda kuka yi, 'yar uwa, Allah Ya rufa mana asiri.